Sun haddace haruffa, amma sun kasa haɗa gaɓa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ajin yamma a unguwarmu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, yara wajen talatin, 'yan shekara shida zuwa takwas. Da safe suna makarantar boko ana koya musu da Faransanci, da yamma ni kuma ina koya musu karatun Hausa. Sun haddace haruffa tsaf, suna rera "ma me mi mo mu" har maƙwabta na ji, amma in na rubuta "nama" na ce wani ya karanta, sai ya tsaya yana kallona. Ina matsalar take, kuma ta ina zan ɓullo mata?

Wa'alaikumus salam, Malama, sannu da fama da yara.

Kafin ki canza komai, gobe ki yi wani ɗan gwaji. Rubuta gaɓa uku a ƙaramin allo, ba bisa jerin da suke rerawa ba: sa, mi, nu. A ƙarƙashinsu ki rubuta "nama". Ki riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, can gefe inda sauran ba za su raɗa musu ba, kuma ki sa ido a kan bakin yaro fiye da yadda kike sa kunne ga amsarsa. Wani zai ce "es, a" ya tsaya, ko ya haɗa ya ce "esa". Wannan sunan harafi ne ya tare masa hanya. Wani za ki ga leɓensa na motsi, yana bin "na ne ni no" a ɓoye kafin ya iso "nu". Wannan waƙa ya haddace, kuma wurin da gaɓa take a jeri yake ganewa, idonsa bai riga ya fara aiki da wasalin ba. Wani kuma zai karanta gaɓoɓin nan uku daidai, amma a kan "nama" ya ce "na… ma… mama", domin kafin ya gama fito da ta biyu ta farko ta kuɓuce masa. Ukun nan kowanne da maganinsa, kuma a aji irin naki na farkon ne ya fi yawa, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Sunan harafi daban, sautinsa daban. A ajin SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, yaro na jin sunayen haruffa na Faransanci: em, en, es, ash, har da igirek. Babu yadda za a yi "igirek" da "a" su haɗu su ba da "ya" a kunnen ɗan shekara shida. Babba ya san cewa zai jefar da sunan ya ɗauki sautin, yaro kuwa ba wanda ya gaya masa, shi ya sa yake haɗa abin da aka ba shi da gaskiya ya samu "esa". Irin namu na kiran baƙaƙe "ba, ca, da" ma yana da nasa cikas, don yaron da ya san harafin b da sunan "ba", in ya ga "bu" sai ya ce "ba-u". Saboda haka na tsawon wata ɗaya ko biyu ki daina tambayar "wane harafi ne wannan?", ki koma "me wannan yake cewa?". Sunayen ba su ɓata ba, za su yi amfani nan gaba wajen shifta, amma yanzu a ajiye su.

Abin da zai sauƙaƙa miki aikin shi ne gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali irin "ai" da "au", sai baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe, kamar "kan". Biyun farko a rubutu kusan abu ɗaya ne, tunda ba ma nuna tsawon wasali. Ke nan da zarar yaro ya iya auren baƙi da wasali, mafi yawan abin da zai tarar a shafi ya buɗe masa. Duk ƙarfinki ki sa shi a kan wannan auren.

Ki fara da kunne, babu alli babu allo. Minti biyar a farkon kowane darasi, ki ce za ki yi magana irin ta mai jan baki, su kuma su gane abin da kika ce. Ki fara da gaɓoɓi: "ku… je… ra", su ce kujera, "ta… bar… ma", su ce tabarma. Wannan ba ya musu wuya, cikin kwana biyu za su ƙware. Daga nan ki sauka zuwa sautuka: "sss… uuu", su ce su, "nnn… iii", su ce ni. Nan ne za ki ga inda aka tsaya. Yaron da bai iya haɗa "sss" da "uuu" da kunne ba, ba zai haɗa su da ido ba, ko da ya san haruffan kamar yunwar cikinsa. Irin wannan yaro ki ci gaba da wasan kunne da shi, kada ki ƙara masa sabon harafi.

A kan allo kuma ki rage kayan aiki. Haruffa shida sun isa farawa: a, i, u, m, n, s. Na zaɓi m, n da s ne don ana iya jan su gwargwadon numfashi, ba kamar b ko k ba da suke fashewa su wuce. Wasulan nan uku kuwa su suka fi yawa a kalmomin Hausa, e da o za su iya jira. Haruffa shidan nan suna ba ki gaɓa tara, kuma daga gaɓa tara kina da nama, sama, mama, nisa, namu, nasu, Sani, Musa, Amina, har da jimla sukutum: "Sunana Sani." Yaron da ya karanta wannan jimla da kansa a mako na uku ya fi wanda ya rera haruffa duka amma bai taɓa karanta kalma ba.

Ga yadda haɗawar kanta take tafiya, mu ɗauki "nama" ɗin taki. Rubuta n a hagu, a a dama, da tazarar kamar tafin hannu, ki ja layi a ƙarƙashinsu. Ɗora yatsa ƙarƙashin n ki ce "nnn", kada ki yanke muryar, ki ja yatsan a hankali har ya iso a, muryar ta juye ta zama "aaa" ba tare da kin ɗauke numfashi ba: "nnnaaa". Duk sirrin yana cikin rashin yankewar nan. In kika ce "n", kika yi shiru, sannan kika ce "a", kin ba yaro abu biyu ya riƙe, shi kuma ya nemi hanyar haɗa su. In kika ja, kin ba shi abu ɗaya da ya riga ya haɗu, sauri kawai ya rage. Sai ki goge, ki sake rubuta su kusa da juna, ki ja da ɗan sauri, a karo na uku su manne, ki ce "na" a taƙaice. Ke ki yi sau biyu suna kallo, ku yi tare sau biyu, sannan ki yi shiru yatsanki kawai ke tafiya su suna faɗa. Bayan haka ki nuna mutum uku ko huɗu su yi su kaɗai, kuma kada ya zama kullum masu ɗaga hannu ne. Amsar gayya tana da daɗin ji, amma a cikinta ne yara goma za su ɓuya shekara guda suna bin bakin 'yan gaba.

Haka za ki yi wa "ma". Sannan ki rubuta kalmar gaba ɗaya, ki rufe "ma" da kwali, yaro ya karanta "na". Maimakon ya saki "na" ya tafi neman ta biyu, ki ce ya riƙe wasalin a bakinsa, "naaa", ki janye kwalin yana cikin ja, ya zarce "naaammma". Wannan shi ne maganin mai cewa "mama": gaɓar farko ba ta samu damar faɗuwa ba, domin ba a taɓa sakinta ba.

Akwai mataki na ƙarshe da malamai da yawa ke tsallakewa, kuma a Hausa ba ya tsallakuwa. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka abin da yaro ya haɗa yakan fito a miƙe, ba kamar maganar mutane ba. Bayan kowace kalma ki ce, "To, faɗe ta yadda ake faɗi a gida." Ɗauki "suna": a "Sunana Sani" wasalin farko dogo ne, a "Suna sama" kuwa gajere ne, alhali haruffan ɗaya ne. Haka "masa" ta ci da "masa" ta "na ba masa". Kada ki ɓoye musu wannan, ki rubuta jimlolin biyu ki bar su su gano da kansu cewa jimla ce ke raba gardama. Yaron da ya haɗa "na-ma", kika tambaye shi ina ake sayar da shi ya kasa amsawa, ya fitar da sauti ne kawai, bai ji kalmar ba tukuna. Masu karatun Fulatanci sun huta da rabin wannan, tunda su suna ninka wasali in dogo ne. In akwai yaron da ya taɓa ganin littafin Fulatanci ya zo yana rubuta "naama", kunnensa lafiya lau, ƙa'idar ce kawai ta bambanta.

Idan kin zo kan baƙaƙen da ba sa jawuwa, irin k, b, d, t da g, kada ki yi ƙoƙarin furta su su kaɗai, don dole wani ɗan wasali ya manne musu, kuma shi ne ke haifar da "ba-u". Ki ce wa yara, "Ku shirya baki." A kan "bu", yatsa na kan b, leɓe a rufe, ba sauti, ido ya leƙa wasalin da ke gaba, da yatsa ya iso u sai a saki. Ki fara da k, don tana kawo kalmomi masu yawa: kaka, kuka, kusa, kama, saka. Harafi biyu sababbi a mako sun wadatar.

Su kuma masu waƙa, maganinsu shi ne ki wargaza jerin. Yanka kwali ƙanana, baƙaƙe da launi ɗaya, wasula da wani launin. Ki riƙe m a hannu ɗaya kina canza wasali ba bisa tsari ba: mu, ma, mu, mi. Sannan ki riƙe wasalin ki canza baƙin: si, ni, mi, ki. Kuma a kowane mako ki sa musu kalmomin da babu su, irin "nimu" da "sumi", ki gaya musu sunayen wasu aljanu ne in kina so su yi dariya. Kalmar da babu ita ba a haddace ta, ba a kuma cankar ta, sai dai a haɗa. Ni a ganina allon nan mai jerin gaɓoɓi da ake rataye wa a bango gara a juya shi ya fuskanci bango na ɗan lokaci.

Yanzu ga abin da ya keɓanci ajinki, wanda malamin Kano ko Katsina ba ya fama da irinsa. Yaranki suna koyon ƙa'idar rubutu biyu a yini ɗaya da haruffa iri ɗaya. Wasu haruffan ba su da rigima, a, i, m, n, l, b, d, t, k duk suna faɗin abu ɗaya safe da yamma, in dai wasali ne ke bin baƙin. Wasu kuwa suna juyewa, kuma abin haushin shi ne kuskuren yakan faɗa kan wata kalmar Hausa ta gaske, har yaro bai san ya yi kuskure ba. A Faransanci s tsakanin wasula biyu z ce, don haka "kasa" takan zama "kaza", "masa" ta zama "maza". "Ai" a can e ce, "au" kuma o, sai "kai" ta koma "ke", "sau" ta koma "so". Harafin g kafin i yana laushi, sai "gida" ta fito kamar "jida". Harafin c kafin i yana zama s, sai "ci" ta zama "si". Ba a furta h, kuma e ta ƙarshen kalma shiru take, sai "kare" ya rasa wutsiyarsa. In kin ji irin waɗannan, kada ki mayar da yaro baya zuwa wasan kunne. Ya iya haɗawa, ƙa'idar safe ce ya shigo da ita ajin yamma.

Hanyar da na fi ganin amfaninta ita ce a fito da bambancin fili, da sunan da suka sani. Ja layi ki raba allo biyu, gefe ɗaya na safe, gefe ɗaya na yamma. A na safe ki rubuta Moussa, yadda yake a takardar haihuwa da rajistar makaranta, a na yamma ki rubuta Musa. Ki tambaye su ko mutum ɗaya ne. Sai ku bi sautukan tare: "mmm" harafi ɗaya nan, ɗaya can. "Uuu" a safe haruffa biyu, o da u, a yamma u ita kaɗai. "Sss" a safe an ninka ta don kada ta zama z, a yamma guda ɗaya ta isa, domin s ɗin Hausa ba ta canza murya ko ina ta zauna. A suna ɗaya kin warware rigima biyu. Wani makon ki yi Garoua da Garwa, ko Maroua da Marwa, in kin zo kan w. Ranar c kuma ki kawo Tchad da Cadi, su ga haruffa uku sun koma ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne bayan darasin Musa kada ki sake haɗa rigima biyu sababbi a mako guda, kuma kada ki kushe abin da malamin safe ya koyar, don shi ma daidai yake a nasa harshen. Yara suna ɗaukar wannan da sauƙi fiye da yadda muke zato, tunda yawancinsu sun saba juya harshe tsakanin Hausar gida da Fulatancin kasuwa.

Rufaffiyar gaɓa ki jinkirta ta sai sun ƙware a buɗaɗɗiya, wato kamar bayan wata biyu. Kuskuren da za ki gani iri biyu ne: ko su tsallake baƙin rufewa, "kaska" ta zama "kaka", ko su ƙara masa wasali, "kasko" ya zama "kasako". A "kan" da "nan" kuma wasu za su shigar da wasalin ta hanci su haɗiye n, irin na Faransanci. Kada ki koyar da ita a matsayin haruffa uku. Yaro ya karanta "ka" da ya riga ya sani, ya ja wasalin, sannan ki ajiye kwalin s a gaba ya rufe da shi: "kaaas". A nan makarantar allo za ta taimake ki. Wanda ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya san ɗauri, ya san baƙin da ba shi da wasali a kansa ake tsayawa. Ki ce masa wannan s ɗin ɗaure take, nan take zai gane. Ya kuma san shadda, wadda ita ce baƙi mai ninki a boko, kuma wannan ya cancanci darasi nasa, domin Faransanci na ninka baƙi a rubutu ba tare da an ji shi a baki ba, mu kuwa ninkin yana canza ma'ana. Rubuta "kuna" da "kunna", "mana" da "manna", su tafa gaɓoɓin: ku-na, kun-na. Ƙa'idar yankawa guda ce: baƙi biyu a tsakiyar kalma, a raba tsakaninsu, na farko ya rufe gaɓar baya, na biyu ya buɗe ta gaba.

Inda ƙa'idar nan ba ta aiki shi ne baƙaƙe masu goyo, sh, ts, ky, kw, gw da 'yan uwansu, don sauti ɗaya ne da haruffa biyu. Ki rubuta kowanne a kwali ɗaya tun ranar farko, kada a taɓa ganin an raba su, sai "akwati" ta yanku a-kwa-ti. Masu ƙugiya kuwa, ɓ da ɗ ba za su ba ki wahala a furuci ba, tunda Fulatanci ma yana da su da siffa iri ɗaya, abin da aka amince da shi a taron daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma da aka yi a Bamako a 1966. Ƙ da ts ne babu su a Fulatanci, don haka yaron da Fulatanci ya fi ƙarfi a bakinsa zai iya ce wa "ƙafa" "kafa". Wannan aikin kunne ne da furuci, ki yi shi dabam da kalmomi masu kama irin kafa da ƙafa, kada ki lissafa shi cikin kasa haɗa gaɓa.

Rabin awa a kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Biyar na kunne, biyar na bitar kwalaye, goma na sabon harafi da haɗa shi, sauran goman kuma ki raba tsakanin karanta jimla biyu ko uku da shifta. Shiftar nan kada ki bar ta ko lokaci ya ƙure: ki faɗi "nisa", su ja ta a baki, su rubuta a ƙananan allunansu, su ɗaga gaba ɗaya. A kallo ɗaya kin ga aji duka, kin san wa ya rubuta "nsa" ya manta wasali, wa ya rubuta "sani" ya juya gaɓoɓin.

Ranar Alhamis ki gwada su da gaɓa goma a wargaje da kalmomi biyar, biyu daga ciki waɗanda babu su. Wanda ya samu takwas cikin goma, kowace gaɓa ba tare da ya ja ta a fili ba, ya shirya karɓar sabon harafi. In fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ajin ba su kai haka ba, ki maimaita makon da sababbin kalmomi daga tsofaffin haruffa. Za a samu biyu ko uku da za su tsaya cak ko bayan wata biyu na wannan tsari. Su ki zaunar da su gaba, ki tsaya bayan kowannensu inda ba ya ganin bakinki, ki faɗi kalmomi a hankali ya maimaita. In yana kuskure a haka amma yana daidai idan yana kallonki, ki gaya wa iyayensa su kai shi a duba masa kunne, musamman in ya taɓa yin ciwon kunne mai fitar da ruwa ko sanƙarau.